Yadda ake tantance addinin mutumin tarihi da lokacin da ya sauya shi: darasi daga Sarkin Kano Yaji

Kusan duk littafin makaranta da ya taɓo tarihin Kano zai gaya maka Yaji ne sarkin Kano na farko da ya musulunta, ya kuma rataya masa shekaru: 1349 zuwa 1385. Wasu ma sukan tsallake su ce Musulunci ya shigo Kano a 1349, kamar akwai wanda ya tsaya a ƙofar gari ya rubuta ranar. Shi wannan zance yana da tushe, amma tushen bai kai ƙarfin yadda ake faɗarsa ba. Da labarin Yaji za mu bi hanyar da ake bi a tantance irin wannan magana, tun daga tambayar farko har zuwa jumlar da za ka iya rubutawa ka tsaya a kanta ko a gaban wa.

Fara da raba tambayar

"Yaushe ya musulunta?" ko "yaushe ya zama Kirista?" a baki tambaya ɗaya ce, amma a aikin bincike ta kan rabu gida huɗu. Akwai lokacin da zuciyar mutum ta karkata, wanda babu takardar da ke iya nuna shi. Akwai lokacin da ya furta ko aka yi masa abin da addinin ya ɗauka a matsayin shiga, kalmar shahada ko baftisma. Akwai lokacin da jama'a suka sani. Sai kuma lokacin da abin ya bayyana a mulkinsa, in mai mulki ne: naɗa limami da alƙali, gina wurin ibada, sauya rubutun kuɗi.

Sarkin Rum Kustantin ya isa misali. Marubutan Kirista na zamaninsa sun danganta juyowarsa da yaƙin gadar Milbiya a watan Oktoba na 312. Amma ba a yi masa baftisma ba sai a 337, yana gab da mutuwa, kuma shekaru bayan 312 ana ta buga kuɗinsa da siffar gunkin rana. Wanda ya ce 312 da wanda ya ce 337 kowa da hujjarsa, tambayar da suke amsawa ce ta bambanta. Don haka tun kafin ka buɗe littafi, rubuta a saman takardarka wanne daga cikin huɗun kake nema. A sha'anin Yaji, na farko da na biyu sun yi mana nisa. Abin da za a iya bi shi ne na huɗu: yaushe salla da limanci suka zama al'amarin fada.

Bi maganar har gindinta

Ka ɗauki littafin da ka ga maganar a ciki, ka duba daga ina ya ɗauko. Ka je can, ka sake dubawa. Haka za ka yi ta ja da baya har ka isa inda babu wani a bayansa. Aikin yana da gajiyarwa, amma shi ne rabin binciken, domin a nan ake gane cewa littattafai ashirin da ke faɗin abu ɗaya sau da yawa shaida ɗaya ce aka maimaita sau ashirin. Malaman hadisi sun daɗe da sanin wannan: yawan masu ruwaya a ƙarshen sarƙa ba ya ƙara komai in duk a kan mutum ɗaya suka haɗu.

In ka bi zancen Yaji, duk hanyoyin za su kai ka wuri guda, wato Tarihin Kano, rubutun Larabci mai jera sarakuna arba'in da takwas daga Bagauda zuwa Muhammadu Bello. H. R. Palmer ya fassara shi zuwa Turanci ya buga a 1908, daga baya aka fitar da shi da Hausa a cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. Daga waɗannan biyun ne kusan kowa yake sha.

To, sai ka yi wa rubutun tambayoyi uku: wa ya rubuta, yaushe, kuma don wa. Marubucin bai sa sunansa ba. Sarki na ƙarshe a cikinsa, Bello, ya rasu a 1893, saboda haka rubutun a siffar da ya iso mana na ƙarshen ƙarni na 19 ne. Masana sun yi ta muhawara a kan ko an soma harhaɗa shi tun wajen tsakiyar ƙarni na 17 aka riƙa ƙarawa, ko kuwa mutum ɗaya ne ya tsara shi a zamanin Bello daga jerin sunayen sarakuna, kirari da waƙoƙin fada. Ko wanne ka ɗauka, tazarar da ke tsakanin Yaji da alƙalamin da ya rubuta labarinsa ba ta gaza shekara ɗari biyu da hamsin ba, tana iya kaiwa ɗari biyar. Wannan bai mayar da labarin ƙarya ba. Fadar Kano tana da maroƙa da masu riƙe tarihi waɗanda aikinsu ke nan kaka da kakanni. Amma ka rubuta tazarar a gefen takarda da manyan baƙaƙe, don ita za ta hana ka yin rantsuwa a kan shekara.

Karanta abin da aka rubuta, ba abin da aka ce an rubuta ba

A nan mutane da yawa ke zamewa. Sun san labarin tun suna firamare, sai idonsu ya karanta abin da ke kansu.

Ga abin da Tarihin Kano ya kawo. Yaji shi ne sarki na goma sha ɗaya, ɗan Tsamiya, sunansa na yanka Ali, an yi masa laƙabin Yaji ne saboda zafin ransa tun yana yaro. A zamaninsa Wangarawa suka zo daga Mali, su wajen arba'in, shugabansu Abdurrahman Zaite, suka zo da addinin Musulunci. Suka umarci sarki da ya tsai da salla, ya yarda. Ya naɗa Gurdumus limaminsa, Lawal ladani, Auta mai yanka, Mandawari limamin Wangarawa da manyan gari, Zaite kuma alƙali. Aka gina masallaci a gindin bishiyar da ake yi wa tsafi. Sarkin Garazawa da mutanensa suka riƙa zuwa da dare suna ƙazantar da masallacin, har aka yi addu'a suka makance. Bayan haka Yaji ya nemi Wangarawa su yi masa addu'ar cin garin Santolo da yaƙi, ya kuwa ci ta.

Yanzu ka lura da abubuwan da babu. Babu shekara. Ba a ce a farkon sarautarsa ne ko a tsakiya ba, abin da kawai za ka iya cirowa shi ne zuwan Wangarawa ya riga cin Santolo. Ba a kuma kawo zaman da sarki ya furta shahada ba. An ce an umarce shi da salla ya bi. Umartar mutum da salla tana iya nufin sabon shiga ne, tana kuma iya nufin Musulmi ne na suna da aka zo aka ɗora a hanya. Rubutun ya fi karkata ga na farko, tunda ya ce su suka kawo addinin, amma bai toshe na biyu ba.

Abin da ke ƙara wa na biyun nauyi yana nan a shafin da ya gabata. Sarkin da Yaji ya gada sunansa Usmanu Zamnagawa. Shi kansa Yaji Ali ne. In Musulunci bai taɓa leƙo gidan sarautar ba sai da Wangarawa suka iso, ina aka samo Usmanu? Amsa biyu ce, kuma dole ka ajiye su duka a kan tebur. Ko dai sunayen Musulmi sun riga sun shigo ta hanyar fatake da maƙwabtaka da Barno, wadda sarakunanta suka musulunta tun ƙarni na 11, ko kuwa masu ba da tarihi na baya ne suka yi wa kakannin sarakunansu ado da sunayen da suka dace. Shi ya sa suna kaɗai ba ya zama hujja. A ƙasar Hausa an sha ganin Bamaguje mai suna Audu ko Garba, ba a kuwa taɓa ganin goshinsa a ƙasa ba.

Daga ina shekarun suka fito?

Wannan mataki shi ne wanda na fi so mai bincike ya daɗe a kansa, don kuwa mafi yawan "ainihin lokaci" da ake yawo da shi a nan yake rushewa.

Tarihin Kano ba ya ba da shekarar hawa ko ta sauka ga sarakunan da. Yawan shekarun sarauta yake bayarwa: wane ya yi shekara kaza, wane wata kaza, wane kwana bakwai. Yaji an ba shi shekara 37. Lambobin 1349 da 1385 lissafin Palmer ne. Ya kama daga zamanin da aka san shekarunsa sosai, wajen faɗuwar Sarkin Kano Alwali a hannun masu jihadi a farkon ƙarni na 19, ya riƙa ɗebe shekarun kowane sarki yana komawa baya har ya kai Bagauda a 999. Tsakanin Alwali da Yaji akwai sarakuna sama da talatin. In an yi wa biyar daga cikinsu ƙarin shekara bibbiyu, ko an manta da wani da ya yi shekara shida, ko mai kwafe ya karanta bakwai a maimakon tara, waɗanda a rubutun Larabci ɗigo ne ya raba su, duk wanda ke gabansu a jerin ya gusa. Kuskuren ba ya tsayawa wuri ɗaya, tarawa yake yi.

Maganin wannan shi ne neman turke, wato wani abu a cikin jerin da wata majiya ta daban, wadda ba ta san da Tarihin Kano ba, ta tabbatar da lokacinsa. Kano tana da turke mai kyau a kan Muhammadu Rumfa, sarki na ashirin, wanda lissafin ya ba shi 1463 zuwa 1499. Shehu Magili ya zauna a Kano wajen 1492, ya rubuta wa sarkinta nasiha a kan mulki, kuma rayuwar Magili sananniya ce a littattafan malaman Magrib da Timbuktu. Lissafin ya faɗa daidai inda ya kamata. Wannan ya nuna jerin yana da ƙwari har zuwa ƙarshen ƙarni na 15. Daga Rumfa zuwa Yaji kuwa sarakuna takwas ne a tsakani, kuma lissafi ne kawai ke riƙe da su. Don haka ka ɗauki 1349 a matsayin "wajen tsakiyar ƙarni na 14", kada ka ɗauke ta kamar ranar da ke kan takardar haihuwa.

Sai batun Hijira da Miladiyya. Shekarar wata ta gaza ta rana da kimanin kwana goma sha ɗaya, shi ya sa shekara 37 ta Yaji ta zama 36 in ka ɗebe 1349 daga 1385. Ba kuskuren ɗab'i ba ne. In ka samu shekarar Hijira a rubutu, ga lissafin gaggawa, H ita ce ta Hijira, M ta Miladiyya:

```
M ≈ (H × 0.97) + 622
```

Wannan kusantarwa ce kawai. Shekarar Hijira ɗaya kusan kullum tana hawa kan shekarun Miladiyya biyu, don haka in ba a ba ka wata ba, rubuta biyun: 835 ita ce 1431 zuwa 1432. In an ba ka rana da wata, yi amfani da jadawalin juyawa, ka kuma bar sararin kwana ɗaya ko biyu saboda ganin wata. In marubucin ya ambaci ranar mako, ka ci riba, don da ita za ka gyara wannan saɓanin.

Nemo shaida ta biyu, musamman wadda ba ta yarda ba

Mai neman gaskiya ba mai goyon bayansa yake nema ba, mai ƙaryata shi yake nema, ya ga ko zancen zai tsira.

Ga Yaji akwai irin wannan shaida, kuma mai nauyi ce. Wani ɗan littafin Larabci da ake kira Asl al-Wangariyyin, wato asalin Wangarawan Kano, an rubuta shi a 1061 ta Hijira, 1650 zuwa 1651. Muhammad al-Hajj ya buga shi da fassara a mujallar Kano Studies a 1968. Wannan littafi ya ce Shehu Abdurrahman Zagaiti, wanda shi ne Zaiten Tarihin Kano, ya baro Mali a 835 da niyyar hajji, ya iso Kano a zamanin Rumfa, ya kuma haɗu da Magili a can. Ka ga an ɗauke mutumin da aka ce ya sa Yaji salla an kai shi gaba da shekara ɗari ko fiye.

Wanne za a bi? Ka auna su da ma'auni ɗaya, kada ka yi wa wanda ka fi so sassauci. Asl yana da shekarar rubutu tabbatacciya, ya fi kusa da abin da yake ba da labari, kuma daga cikin zuriyar Wangarawan ya fito, waɗanda suka fi kowa sanin kakansu. Amma shi ma yana da rauni. Daga 1432 zuwa zuwan Magili shekara sittin ce, tafiya mai tsawon gaske ga mutum ɗaya ko da ya yada zango a garuruwa. Kuma littafin zuriya ne, yana da sha'awar ya zaunar da kakansa kusa da babban sarki da babban malami. Tarihin Kano kuma a nasa ɓangaren yana da alamar ninka labari: bishiyar tsafi da masallaci sun fito a zamanin Yaji, sun sake fitowa a zamanin Rumfa, inda aka ce baƙon malami ya sa aka sare bishiyar aka gina hasumiya a wurin. In ka ga labari ɗaya ya bayyana a zamani biyu, ka yi zargin an ɗauko na wani an yafa wa wani.

Ra'ayina a nan shi ne, a kan lokacin Zaite, Asl ya fi cancantar a saurare shi. Amma faɗuwar sunan Zaite daga zamanin Yaji ba ta kayar da Musuluncin Yaji ba. Wangarawa fatake ne da suka yi ƙarnoni suna zirga-zirga, ba ayari ɗaya ba ne. Abu ne mai yiwuwa ƙwarai wasu sun zo a ƙarni na 14, sannan masu ba da labari suka ɗora musu sunan shehin da ya fi shahara. Sai dai ka rubuta wannan a matsayin fahimtarka, kada ka saka shi a bakin majiya.

Akwai kuma shaidar waje. Matafiyin nan Ibn Battuta ya sauka Takedda, garin cinikin tagulla, a 1353, daidai shekarun da lissafi ya ba Yaji. Ya ambaci Gobir a cikin ƙasashen da ba na Musulmi ba, ya ambaci Barno a matsayin ƙasar Musulmi mai sarki Idris. Kano kuwa bai ambace ta ba. Kada ka ce shirunsa ya nuna Kano ba ta musulunta ba. Bai je can ba, kuma hanyoyin cinikin tagulla yake lissafawa. Shiru yana zama hujja ne kawai in marubucin yana wurin, ya san abin, kuma yana da dalilin faɗa da ya faru.

Gina katanga biyu

In rana ta gagara, abin da ake yi shi ne a nemo shaida ta ƙarshe da ta nuna mutum a tsohon addininsa, da shaida ta farko da ta nuna shi a sabo. Sauyin yana tsakani. Aikinka shi ne matso da katangun kusa da juna gwargwadon yadda hujja ta yarda.

Malaman sira sun yi wannan da kyau a kan Khalid bin Walid, Allah ya yarda da shi. A Hudaibiyya, cikin Zulƙida ta shekara ta 6, yana jagorantar dawakin Ƙuraishawa. A Mu'uta, cikin Jimada Ula ta shekara ta 8, yana cikin rundunar Musulmi har ya karɓi tuta. To ko da ruwayoyi sun saɓa a kan wata, ba za su fita daga wannan fili na kimanin wata goma sha takwas ba, kuma ruwayar da ta fi shahara, Safar ta shekara ta 8, ta zauna a cikinsa lafiya. Duk ruwayar da ta faɗa wajen katanga, ka san da matsala a cikinta.

A gidan sarautar Kano filin ya fi haka faɗi nesa ba kusa ba. Katangar gaba mai ƙarfi ita ce Rumfa: a nan babu shakka, ga rubutun Magili. In ka yarda da Tarihin Kano, kana iya matso da ita baya zuwa Bugaya, wanda ya gaji Yaji, wanda aka ce da ya rasu an yi masa wanka da likkafani aka sallace shi. Irin wannan bayani na jana'iza yana da daraja, don yadda aka binne mutum yakan nuna abin da na kusa da shi suka ɗauke shi.

Sannan ka duba abin da ya biyo baya, kada ka tsaya a ranar shiga. Kanajeji ɗan Yaji, wanda lissafi ya ba 1390 zuwa 1410, da yaƙin Zazzau ya ƙi ci masa, Tarihin Kano ya ce ya koma wurin mai tsafin Cibiri, aka ce ya mai da abin da iyayensa suka rushe, ya kuwa yi. Ɗansa Umaru kuma malami ne da ya ajiye sarauta ya koma ibada. Uba, ɗa da jika, kowa da inda ya fuskanta. Wanda ya rubuta "daga Yaji Kano ta zama ƙasar Musulunci" ya share wannan kai-komo duka.

Abubuwan da ke ruɗar mai bincike

Kayan tarihi na hannu suna da ƙarfi, amma su ma sai an tambaye su. A gidan tarihi na Birtaniya akwai dinari na Offa, sarkin Marsiya a Ingila daga 757 zuwa 796, ɗauke da kalmar shahada, da OFFA REX a tsakiya. Ana yawan yaɗa hotonsa a ce ga sarkin Ingila Musulmi. Da ka duba da kyau, kwaikwayon dinarin halifa Mansur ne na shekarar 157, har da shekarar aka kwafe. Larabcin yana da kurakurai, sunan Offa kuma a kife yake in ka daidaita rubutun Larabcin, alamar maƙerin bai san abin da yake kwafewa ba. Shi kuwa Offa, takardun zamaninsa sun nuna shi yana ba coci filaye, yana neman a ɗaga darajar bishop ɗin Lichfield. Kuɗin shaidar darajar dinarin Abbasiyawa ne a kasuwa, ba shaidar imanin sarki ba.

Na biyu shi ne lakabin abokin gaba. Rubuce-rubucen jihadi sun kafirta sarakunan Hausa saboda haɗa Musulunci da al'adun tsafi, Shehu Laminu na Barno kuma ya yi musayar wasiƙu da Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo yana jayayya a kan irin wannan hukunci. Wannan muhawarar malamai ce a kan hukunci. Kai mai tarihi, ka rubuta wa ya ce me, a wane hali, ka kuma raba shi da abin da mutumin yake kiran kansa da abin da aka gan shi yana yi. Alwali sunansa Muhammadu, yana da limamai da alƙalai, kuma an yaƙe shi a kan zargin shirka. Duka ukun gaskiyar tarihi ne, sai a faɗe su tare.

Ko a zamanin jarida da rediyo, rana ɗaya ba ta cika wadatarwa ba. Ɗan damben nan Muhammad Ali ya doke Sonny Liston ranar 25 ga Fabrairu 1964, cikin kwana biyu ya tabbatar wa 'yan jarida yana tare da ƙungiyar Nation of Islam, ranar 6 ga Maris shugaban ƙungiyar, Elijah Muhammad, ya sanar da sabon sunansa na Muhammad Ali. Amma ya shekara biyu ko fiye yana halartar tarukansu kafin nan, kuma sai a 1975 ya bi Warith Deen Mohammed, ɗan Elijah, zuwa tafarkin Sunna. Ga mutanen wannan zamani, ka fifita maganar bakinsu da aka ɗauka a lokacin, sai jaridar ranar, sai rajistar coci ko takardar shaidar musulunta in akwai. Abin da suka tuna bayan shekara talatin yana zuwa ne a baya, don mutum yakan gyara labarin tubarsa ba tare da ya yi niyyar ƙarya ba.

Rubuta hukuncin daidai nauyin hujja

Kafin ka rubuta, zana jadawali mai gida biyar: abin da aka ce, wa ya ce, yaushe ya rubuta, tazararsa da abin, da kuma abin da zai ƙaru da shi in an yarda. Kowace shaida layi ɗaya. In kana son ganin rubutun da idonka, Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna, da Gidan Ɗan Hausa a Kano, wuraren farawa ne. In ka samu kwafe fiye da ɗaya, gwada lambobin shekarun sarauta da juna tun da farko, don a nan masu kwafe suka fi saɓawa. Ka gwada su kuma da Waƙar Bagauda mai jera sarakunan Kano, wadda jerinta da shekarunta ba su zo daidai da na Tarihin Kano ba.

Sannan ka zaɓi kalmominka da gangan. "Ya tabbata" na abin da shaidu masu zaman kansu na zamanin suka haɗu a kai ne. "Mafi rinjaye" na abin da hujja ta karkata gare shi. "An ruwaito" na abin da majiya ɗaya ta baya ta kawo. A kan Yaji, jumlar da za ta tsaya ita ce kamar haka: Tarihin Kano, wanda aka kammala a ƙarshen ƙarni na 19, ya ruwaito cewa Sarki Ali Yaji ne ya fara tsai da salla da naɗa limami da alƙali a fadar Kano bayan zuwan Wangarawa, lissafin shekarun sarauta ya sa mulkinsa wajen 1349 zuwa 1385, ba tare da an ambaci shekarar da hakan ya faru ba, wani rubutu na 1650 zuwa 1651 kuma ya sa zuwan shugaban Wangarawan a zamanin Rumfa, wanda a kansa ne shaidar zamani ta fara tabbatar da Musuluncin fadar.

Jumlar ta fi "Yaji ya musulunta a 1349" tsawo, kuma ba ta da daɗin haddacewa ga ɗan jarrabawa. Abin da zai sa a taƙaita ta shi ne a samu wasiƙa, ko dutsen kabari mai shekara, ko ambaton Kano a rubutun wani malamin Mali, Barno ko Masar na ƙarni na 14. In irin wannan ta fito, sai ka koma jadawalinka ka ƙara layi, ka duba wace katanga ce ta matsa.